Tsingaron Da Ke Gonakinmu: Yaya Ake Gane Shekarunsa?

Duk wanda ya taɓa noma a bakin Binuwai ko a gefen Mayo Kebbi ya san tudun da garma ba ta shiga sai ta fito da tsingaro. Wani ja ne mai santsi, wani baƙi ne mai kauri, wani kuma bayansa duk zane kamar an danna masa igiya. Yara kan tsince su su yi wasa, manya kan ce ai tukwanen mutanen da ne, magana ta ƙare. To amma mutanen da ɗin, na yaushe? Na zamanin Jamus ne, ko na kafin tutar Modibbo Adama, ko kuwa na shekara dubu da ta wuce? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin akan kafa hujja da waɗannan fasassun tukwane a gardamar wanda ya riga wani zama a wuri, kuma akwai dillalan da ke yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin tukwane da sunan kayan tarihi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu abin da tsingaro ke iya faɗi, da kuma inda bakinsa ke mutuwa.

Ƙasarmu ta Garwa tana cikin wuraren da aka fara yin wannan nazari a tsanake. Daga ƙarshen shekarun 1960 wani masani mai suna Nicholas David ya yi tono a tuddan kufai na Nasarawo da Be da Dulumi, ya kuma zauna a ƙauyen Be yana kallon yadda mata magina ke aikinsu. Bafaranshe Jean-Gabriel Gauthier ya daɗe yana bincike cikin Fali na duwatsun Tingilin. A wajen Marwa kuwa Alain Marliac ya tone tuddan Salak da Mongosi, ya kuma buga babban littafinsa a 1991. Abin da duk suka tarar ɗaya ne: babu wata alama guda a jikin tukunya da za ta faɗi shekarar da aka gina ta. Sai an haɗa alamu, kuma sai an san wurin da aka tsinci abin.

Mu ɗauki misali. A ce wani manomi ya kawo mana tsingaro uku da ya tsinta a tudu ɗaya bayan ruwan farko. Na farko ja ne, yana ƙyalli, kaurinsa bai kai na ƙaramin yatsa ba. Na biyu kakkaura ne, daga kafaɗar randa, jikinsa cike da ƙananan ramuka a jere. Na uku toka-toka ne, da tabon baƙi a gefe guda da zanen igiya a karkace. Yawancinmu za mu ce na ukun ne ya fi tsufa, don shi ya fi muni. Masani ba zai yi saurin cewa haka ba.

Abin da zai fara dubawa ba fuskar tsingaron ba ne, karayarsa ce. Zai ɗan ɓantari gefe da filaya don ya sami sabon karaya, ya duba da gilashin ƙara girma. Dalili shi ne maginiya ba ta cika aiki da yumɓu tsurarsa ba. Yumɓu mai danƙo da yawa yana tsagewa wajen bushewa, yana kuma fashewa idan wuta ta kama shi da sauri, don haka sai ta gauraya shi da wani abu da zai rage masa danƙo. Wata rairayi take sawa, wata dakakken tsingaro, wata ƙaiƙayi ko kashin jaki. Kowanne yana barin shaidarsa. Rairayin kogi ƙwayoyinsa mulmulallu ne, suna walƙiya. Dakakken tsingaro yana fitowa kamar ƙananan gutsattsari masu kusurwa, launinsu ya ɗan saɓa da na jikin tukunyar. Ƙaiƙayi da kashin dabba kuwa wuta ta cinye su, sai dai ka ga ƴan ramuka sirara a gurbinsu, tsingaron kuma ba shi da nauyi a hannu.

Wani lokaci waɗannan ramuka sukan riƙe siffar abin da ya ƙone. A Gajiganna, can ƙasar Barno kusa da mu, masu bincike daga Jamus tare da na Jami'ar Maiduguri sun tarar da hoton ƙaiƙayin gero a jikin tukwanen da suka haura shekara dubu uku, da haka aka san mutanen wurin sun riga sun fara noman gero. Wannan babban abu ne. Amma a lura, ba ƙaiƙayin ne ya ba da shekarun ba. Awon da aka yi wa abubuwan da aka tono a wurin ne ya bayar.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gaurin yumɓu yakan nuna hannu da yanki fiye da yadda yake nuna zamani. Alexandre Livingstone Smith ya bi magina da dama a ƙasar Faro, ya buga sakamakonsa a 2000, inda ya nuna cewa abin da maginiya ke zubawa cikin yumɓunta ya fi bin abin da ta koya da abin da maƙwabtanta ke yi, ba wai yumɓun ne ya tilasta mata ba. Watau mata biyu da ke raye a shekara guda, tsakaninsu tafiyar yini ɗaya, za su iya yin gauri daban, alhali jika na iya yin irin na kakar kakarta ba canji. To idan jan tsingaronmu rairayi ne a cikinsa, na randar kuma dakakken tsingaro, abin da za mu iya cewa shi ne wataƙila hannu biyu ne suka gina su. Gauri yana zama ma'aunin zamani ne kawai a wurin da aka yi tono aka ga cewa na ƙasa duk iri kaza ne, na sama kuma iri kaza, kuma wannan hukunci na wannan wurin ne kaɗai, ba a ɗauke shi a kai shi Marwa ko Kusiri.

Sai maganar wuta. Maginan ƙasar nan ba sa gina murhun gashi mai rufi. A fili ake jera tukwane, ko a ɗan rami, a lulluɓe su da itace da ciyawa ko kashin shanu a cinna. Awon da aka yi wa irin wannan gashi a Kamaru ya nuna zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900, kuma a tsibi ɗaya wani gefe na iya fin wani zafi nesa ba kusa ba. Inda iska ta isa ga tukunya sai ta yi ja, inda itace ko toka ya danne ta sai ta yi baƙin tabo. Idan ka karya tsingaro ka ga bayansa ja, cikinsa ja, tsakiya kuwa baƙin layi kamar an yi masa ciko, to wutar ba ta daɗe ba ne har ta cinye dattin ciyawar da ke cikin yumɓun. Dillalai kan nuna wannan baƙin layi su ce shaidar tsufa ce. Ba haka ba ne. Je ka kasuwa ka sayi tulu sabo, in ya fashe ka duba, sau da yawa za ka ga layin nan.

Duk da haka tabon wuta ba banza ba ne, yana ba da labarin rayuwar tukunyar. Baƙin gashi shiga jikin yumɓu yake yi, ba ya goguwa, kuma ko'ina yana iya faɗawa. Baƙin girki kuwa kunkunniya ce, a gindi da kuiɓi take taruwa, takan ɗan bar shaida a yatsa. Akwai kuma baƙin da aka yi da gangan, inda ake turara tukunya da hayaƙi ko a yayyafa mata ruwan bagaruwa tana da zafi. Na huɗu shi ne wanda ya shafi tsingaronmu na uku. Idan baƙin ya bi ta kan tsohon karaya, ya rufe bakin da ya fashe, to bayan tukunyar ta mutu ne wuta ta same ta, ko gobarar gida ko ƙunar gona. Wannan yana da muhimmanci, za mu ga dalili nan gaba.

Jan tsingaron mai ƙyalli ba fenti ne aka yi masa ba. Jar ƙasa ce aka dama aka shafa, sannan kafin tukunyar ta gama bushewa aka goge ta da dutse mai santsi ko da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare. In ka karkata shi ga rana za ka ga sawun gugar, layi bayan layi. Wannan aiki tsoho ne ƙwarai a ƙasashen tafkin Cadi da Binuwai, har yau kuma ana yinsa, don haka kyansa ba ya nuna sabunta, kamar yadda munin wancan ba ya nuna tsufa. Tsingaron da ya yi damina ashirin a sarari, shanu suna takawa, ya fi wanda ya kwana shekara ɗari takwas a binne lalacewa.

Zane ne ya fi kusa da ba da zamani, shi ma da sharaɗi. Yawancin zanen da ke jikin tukwanen Arewacin Kamaru ba da tsinke aka yi shi ba, mirgina wani ɗan abu aka yi a kan ɗanyen yumɓu da tafin hannu, ya bar sawunsa. Abin yakan zama guntun igiya da aka murɗa, ko zaren kaba da aka kitsa ko aka ƙuƙƙulla, ko ɗan icce da aka sassaƙa wa ado, ko totuwar masara. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kowa na iya gwadawa: a wanke tsingaron da ruwa ba tare da an kankare shi ba, a bar shi ya bushe, a danna masa ɗanyen yumɓu mai laushi, a ɗaga. Abin da zai fito a jikin yumɓun shi ne siffar kayan aikin maginiyar. Igiya takan fito da ƴan ƙulle-ƙulle dogaye a karkace, har da sawun zarurrukanta. Icce sassaƙaƙƙe gefunansa a tsaye suke, babu zare, kuma adon yana maimaita kansa daidai duk bayan juyi ɗaya.

Zanen igiya shi ne wanda ba ya taimako sosai. Ya shigo ƙasashen kudancin tafkin Cadi tun kafin haihuwar Annabi Isa, bai kuma fita ba har yau. Ashe tsingaronmu na uku, wanda muka zata kakan sauran, yana iya zama na shekara dubu, yana kuma iya zama na zamanin Ahijo.

Na randar ne zai yi magana. Masara ba shukar Afirka ba ce, daga Amirka ta zo bayan 1492, ta iso gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, sannan ta bazu cikin ƙasa sannu a hankali. Sunanta ma a bakinmu yana nuni da Masar, alamar cewa ta hanyar arewa iyayenmu suka san ta. Saboda haka idan ramukan nan da ke kafaɗar randar sawun totuwa ne, to randar ba ta girmi ƙarni na 16 ba ko ta yaya, mai yiwuwa ma ta yi ƙuruciya da yawa fiye da haka. Wannan ita ce irin hujjar da masana suka fi so, domin ba ta dogara ga ɗabi'ar maginiya ba: ba a yin zane da abin da bai zo ba tukuna. Haka ma kan lofe, tunda taba ba ta bazu a ƙasashen nan ba sai wajen 1600.

Sai dai akwai tarko. Zaren kaba da aka ƙuƙƙulla yana barin ramuka a jere masu kama da na totuwa ƙwarai, har wasu masu bincike na farko sun ruɗe da su, kuma shi wannan ya girmi masara nesa. Wanda ya kira shi totuwa zai yanke wa kufai ɗaruruwan shekaru daga tarihinsa. Maganin abin shi ne gwaji. A sami totuwa a mirgina ta a kan ɗanyen yumɓu, a ajiye kusa da sawun da aka ɗauko daga tsingaron, a gwama su a hasken safe ko na yamma da ke zuwa a kaikaice. Sawun totuwa yana da kaushi da ƴan ɓawo-ɓawo, girman ramukan kuma yana canjawa daga gindi zuwa kai. Na ƙullin kaba ya fi tsabta, kana ganin inda zare ya hau kan ɗan'uwansa.

To a ce mun tabbatar totuwa ce. Shin mun san shekarun tudun ke nan? A'a. Mun san dai an zauna a kansa, ko an yar da randa a kansa, bayan zuwan masara. Ba mu san yaushe aka fara zama ba. Tudun kufai tarin zamani ne bisa zamani: ɗaki ya rushe a daddale a gina wani a kai, juji ya hau kan juji. Garma kuwa, da gara, da ramin kabari, da masu ɗibar ƙasar gini, duk suna dagula jerin, su ɗauko na ƙasa su kawo sama. Tsingaro ukun da manominmu ya tsinta wuri guda ba lalle ne sun taɓa zama a gida ɗaya ba.

Ko da a gida ɗaya ma, tukwane ba sa'o'in juna ba ne, kuma a nan ne zaman da David ya yi a Be ya yi amfani. Ya bi gidaje yana tambayar shekarun kowace tukunya, ya buga abin da ya samu a 1972. Ƙananan tukwanen girki da kasake sukan yi kimanin shekara biyu da rabi zuwa uku kafin su fashe, manyan randuna kuwa da ba a ɗaga su sukan haura shekara goma. Mu yi lissafi da wannan. A ce gida yana da randa ɗaya da tukwanen girki huɗu. Idan randa tana shekara goma sha biyu da rabi, cikin shekara 50 za a fasa randa 4. Idan tukunyar girki tana shekara biyu da rabi, kowane gurbi zai ci tukunya 20, huɗun kuma 80. A tsakar gida randa ɗaya ce ga tukunya huɗu, amma a juji ɗaya ce ga ashirin. Mai tono da bai san wannan ba zai ɗauka mutanen ba su damu da ajiyar ruwa ba. Bugu da ƙari, randar da amarya ta gada daga uwarta tana ɗauke da zanen wancan zamani, tana zaune kusa da tukunyar da aka saya jiya. Don haka idan ana neman canjin yayi, ƙananan tukwane ake bi, su ne ke saurin mutuwa da saurin sabuntawa.

Wani abin da Be ya nuna, wanda ya kamata masu gardamar asali su ji, shi ne cewa a ƙauye ɗaya akwai magina Fulani da na wasu ƙabilu, mutane kuma suna sayen tukunya ne wurin wadda ta iya, ba wurin ƴar ƙabilarsu kawai ba. A duwatsun Mandara ma, cikin Mafa, matan maƙera ne ke yi wa kowa gini. Mu Hausawan Garwa mun fi kowa sanin wannan, domin tulun da ke gidajen iyayenmu a kasuwa aka saye shi, ba daga Kano aka ɗauko shi ba. Wanda zai tone unguwarmu nan da shekara ɗari uku, in ya bi tsingaro kaɗai, da wuya ya ce Bahaushe ya taɓa kwana a wurin. A ganinmu duk mai ɗaga tsingaro ya ce wannan na Fali ne ko na Bata, saboda haka ƙasar tasu ce ko ba tasu ba ce, ya ɗora wa yumɓu kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Shekarun gaske daga ɗakin awo suke fitowa, kuma hanya biyu aka fi bi. Ta farko awon kabon 14 ne, wanda ake yi wa gawayi ko ƙashi ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi da aka samu a shimfiɗar ƙasa ɗaya da tsingaron. Da irin wannan awo aka gane cewa tuddan Salak da Mongosi sun fara taruwa tun wajen tsakiyar shekaru dubu na farko na Miladiyya, aka kuma gane cewa gine-ginen dutsen nan na Mandara da ake kira DGB na wajen ƙarni na 15 ne. Rauninsa shi ne daga wajen 1650 zuwa 1950 awon ba ya iya rarrabewa sosai, sakamako ɗaya na iya dacewa da lokuta biyu ko uku. Abin takaici, wannan shi ne zamanin da muka fi son sani, na zuwan Fulani da jihadi da kafuwar lamidoji. A nan dole a koma ga totuwa da lofe da duwatsun wuya na gilas da fasassun kwalabe da langa, a haɗa da abin da tsofaffi suka riƙe.

Hanya ta biyu jikin tsingaron kansa ake aunawa. Ƙwayoyin rairayin da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi da ke fitowa daga ƙasar da suke kwance a ciki, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Zafin gashi yana share wanda ya taru, lissafi ya faro daga sifiri. Idan aka dumama ɗan garinsa a ɗakin awo sai ya fitar da haske gwargwadon abin da ya tara tun daga ranar da ya ga wuta mai ƙarfi ta ƙarshe. Kuskuren wannan awo yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na shekarun, watau tukunya mai shekara 600 za a iya kuskure ta da shekara 30 zuwa 60. Ana kuma bukatar ɗan ƙasar da ke manne da tsingaron, don a san yawan ƙarfin da take bayarwa. Yanzu mai karatu zai gane dalilin da ya sa muka tsaya kan baƙin da ya hau karayar tsingaronmu na uku. Idan gobara mai zafi ta sake cin sa, agogonsa ya koma farko, awon zai ba da ranar gobarar ne, ba ranar da maginiya ta gasa shi ba.

Duk hanyoyin biyu suna bukatar a san inda abin yake kwance, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Tukunyar da aka tumɓuke daga kabari aka wanke ta da omo aka kai wa dillali ta rasa gawayinta da ƙasarta da maƙwabtanta. Haka aka yi wa ɗimbin kayan Sao na ƙasar Kotoko, waɗanda Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara tonowa a shekarun 1930, daga baya kuma masu haƙar sata suka bi wuraren. Kamaru tana da dokar kare kayan tarihi ta 2013. Wanda aikin rijiya ko ramin bulo ya kai shi kan tukunya cikakka, musamman babba da aka kife ko aka rufe da wata, zai fi kyau ya dakata, don a ƙasar Fali da ta Kotoko an yi zamanin da ake binne mamaci cikin randa. Ya ɗauki hotonta a yadda take, da sanda ko kwabo kusa da ita don a gane girmanta, ya auna zurfin daga saman ƙasa, ya mayar da ƙasa ya rufe, sannan ya sanar da mai unguwa da ofishin al'adu na jiha, ko malaman tarihi na jami'o'in Ngaundare da Marwa.